Jadawalin kyandir

Jadawalin kyandir zane ne da ke nuna yadda farashin haja ya motsa a kasuwar hannun jari, ta canjin kuɗi ko ta kirifto. Kowane kyandir yana wakiltar wani tsawon lokaci, kuma yana ɗauke da farashi huɗu: na buɗewa, mafi tsada, mafi araha da na rufewa, waɗanda ake rubutawa a allo da O, H, L da C.

Tarihi

Asalinsa daga Japan ne. Ana yawan danganta shi ga Munehisa Homma, ɗan kasuwar shinkafa daga Sakata, wanda ya yi suna a zamanin kasuwar shinkafa ta Dojima da ke Osaka a ƙarni na 18. Sai dai wasu masu bincike suna ganin zanen bai ɗauki siffarsa ta yau ba sai wajen rabi na biyu na ƙarni na 19. Steve Nison, wani Ba'amurke mai nazarin kasuwa, shi ne ya yaɗa shi a ƙasashen Yamma da littafinsa na 1991.

Karanta hoton allo

Abin da mai koyo zai fara dubawa shi ne sunan hajar da alamar lokaci, domin 15m na nufin kowane kyandir minti 15 ne, 1D kuma yini guda. Jikin kyandir shi ne tazarar da ke tsakanin buɗewa da rufewa, siririn lagwanin da ke sama da ƙasa kuma yana nuna iyakar inda farashi ya kai. A bisa al'ada kore na nufin an rufe sama da yadda aka buɗe, ja kuma akasin haka, ko da yake ana iya sauya launin.

Misali, idan haja ta buɗe a 100, ta taɓa 92 da 103, ta rufe a 102, jikin zai zama gajere kuma kore, lagwanin ƙasa kuwa ya ninka shi sau huɗu. Idan wannan siffa ta biyo bayan faɗuwar farashi, ana kiranta guduma, ana fassara ta da cewa masu saye sun farfaɗo.

Iyakarsa

Kyandir yana ba da labarin abin da ya riga ya faru ne kawai, kuma ko a nan ma ba ya nuna wanne ya riga zuwa tsakanin 92 da 103 na misalin da ya gabata. Hoton allo, wato hoton jadawalin da wani ya ɗauka daga fuskar waya ko kwamfuta, ya fi wannan rauni, domin wanda ya ɗauka ne ya zaɓi inda zai yanke, sau da yawa bayan ya ga abin da ya biyo baya. Kyandir na ƙarshe a hannun dama galibi bai rufe ba tukuna, saboda haka gudumar da aka gani tana iya ɓacewa kafin lokacinta ya cika.

Ana saɓani kan amfanin jadawalin kyandir wajen hasashen farashi. Binciken Marshall, Young da Rose na 2006 kan hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka da ke cikin ma'aunin Dow Jones bai samu ribar a-zo-a-gani daga bin waɗannan siffofi ba.