Wai mene ne "koba leta" da ake haɗawa da takardar bincike?

Kwanan nan duk ɗan masta da na haɗu da shi a Jos maganar kenan, koba leta, koba leta, tunda yanzu kowa so yake a buga aikinsa a mujalla kafin ya nemi dakta. Abin da ke ban haushi shi ne yawanci sun ɗauka irin ta neman aiki ce, sai ka ga shafi biyu cike da ranka ya daɗe, ina ɗan talaka, a taimaka a duba. Edita fa ba aiki yake rabawa ba.

Koba murfi ne. Da can da ake tura bincike ta gidan waya, takarda ɗaya ake ɗorawa a saman kwafin a cikin ambulan, ta faɗi abin da ke ƙarƙashinta da kuma wanda ya aiko. Ni wasiƙar rakiya nake ce mata. Yanzu lodawa ake a shafukan intanet na karɓar bincike irin su ScholarOne ko Editorial Manager, amma aikinta bai canja ba, edita ne ke karanta ta don ya yanke ko aikin ya cancanci a tura wa masu bita, wato masanan da ke tantance shi, ko a mayar maka tun daga teburinsa.

Wata ƙanwata ta kawo min tata, za ta tura wa Ostrich, mujallar nazarin tsuntsayen Afirka. Ta yi ƙidayar tsuntsaye a gonaki wajen Laminga, kusa da dajin Amurum da ke wajen Jos, irin ƙidayar da ake tsayawa wuri guda da sassafe a rubuta duk tsuntsun da aka gani ko aka ji kukansa cikin 'yan mintuna. Ta kwatanta gonakin acca masu bishiyoyi da shingen ƙyarana da waɗanda aka share tas aka zuba masara. Aiki mai kyau wallahi. Amma a wasiƙar ta rubuta wai ta gano tsuntsaye "suna raguwa saboda sauyin noma".

Na ce ƙanwata shekara nawa kika yi kina ƙidayar? Ta ce rani ɗaya, yaya. To ina kika ga raguwa? Gonaki iri biyu kika gwada a lokaci guda, bambanci kika gani tsakanin wuri da wuri, ba ki bi gona ɗaya kin ga yadda ta koma bayan an sare bishiyoyin ba. Wataƙila ma gonakin masu bishiya sun fi kusa da duwatsu ko rafi tun asali. Edita na buɗe sashen hanyar bincike zai ga wannan, kuma daga nan ya daina yarda da sauran maganarki.

Abin dariya ma, ainihin abin da ta gano ta binne shi a ƙasa. Yawan nau'in tsuntsaye kusan ɗaya ne a gonakin biyu, su wane ne a ciki shi ya bambanta. Inda aka share, masu cin tsaba irin su kurciya sun cika wuri, masu cin ƙwari da 'ya'yan itace da ke buƙatar duhuwa kuwa sai a nema. Wannan shi ne zancen al'ummar tsuntsaye, ba lissafin kai kawai ba, wa ya zauna wa ya tashi. Shi ya kamata ya zo a sakin layi na biyu, da lambobi. A ce wuraren ƙidaya 60 ne a gonaki 6, to a faɗi duka biyun, don wuri 10 a gona ɗaya maƙwabtan juna ne, kurciyar da kika ƙirga nan tana iya tashi ta sauka can. Ki ɓoye 6 ɗin ki nuna 60, mai bita zai tono.

Sai dalilin zaɓar mujallar, jimla biyu sun isa, amma su zama na gaske. Wanda zai tura wa Agriculture, Ecosystems & Environment dole ya nuna me sakamakon ke nufi ga yadda ake sarrafa gona, Malimbus kuwa tsuntsayen Afirka ta Yamma ne a gabanta. Kuma don Allah a duba sunan kafin a tura, mutum sai a ƙi aikinsa nan ya kwashi wasiƙar ya kai can da sunan mujallar farko a sama.

Sauran 'yan layuka ne: ba a buga aikin ba, ba ya gaban wata mujalla a yanzu, duk marubutan sun amince, ga wanda ya ba da kuɗi. In an nemi sunayen masu bita kar ki sa malamin da ya duba aikinki. Tata da muka gyara ba ta cika shafi ɗaya ba, ita kuwa sai cewa take yaya anya ba za su ce na raina su ba.