Saƙonka Ya Ɓace a Teams, Amma Bai Tafi Ko'ina Ba Tukuna

Wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ta same ni a ofis wata rana da kwamfutarta a buɗe, ranta a ɓace. Tun watan Janairu shugaban sashenta ya rubuta mata a Teams, manhajar hirar aiki, cewa ta biya wani ɗan kwangila. Yanzu masu binciken kuɗi sun zo suna tambayar wa ya ba da izini, ta ja hirar sama har ƙarshe ba ta ga komai ba sai wani layi da Turanci: "We've deleted older messages due to your org's retention policy". Tambayarta ta farko ita ce: "Malam, wa ya goge?" A zuciyarta ta riga ta yanke hukunci cewa ogan ne ya share sawunsa.

Ba shi ba ne, kuma ba wani mutum ne ya zauna ya zaɓi saƙonta ba. Abin da layin nan yake faɗa shi ne ma'aikatar ta sa wa saƙonni wa'adi, kuma nata ya cika. Wannan tsarin wa'adin ajiya shi ne zan yi bayaninsa, da Teams na kamfanin Microsoft a matsayin misali, domin shi na fi sani a aikace.

Abu na farko da ya kamata ma'aikaci ya riƙe shi ne asusun da yake shiga da shi ba nasa ba ne. Na ma'aikata ne, kamar durowar ofis da aka ba ka makullinta alhali akwai wani makullin a hannun mai gida. Idan ba a sa wata ƙa'ida ba, Teams yana ajiye hira ba iyaka. Ma'aikatar ce ke shiga wani shafin gudanarwa mai suna Microsoft Purview ta zaɓi ɗaya cikin uku: a riƙe saƙo na wani lokaci ko har abada, a goge shi idan ya kai wasu kwanaki, ko a riƙe shi tukuna sannan a goge. Na ukun ne ya fi yawa a wuraren da na gani, shi ne kuma ya fi rikita mutane, saboda yana aiki ta fuska biyu.

Mu ɗauki lissafin wannan baiwar Allah. A ce an sa kwana 180, a riƙe sannan a goge, kuma an rubuta saƙon ranar 10 ga Janairu, 2025. Daga ranar da aka rubuta ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka karanta ko aka ba da amsa ba, don haka wa'adin ya cika ranar 9 ga Yuli. Sai dai saƙon da take gani a fuskar manhaja ba shi kaɗai ba ne. Kowane saƙo yana da kwafi a wani ɓoyayyen wuri cikin akwatin imel na kowane mutum da ke cikin hirar, wurin da mai akwatin kansa ba ya gani a Outlook. A kan wannan kwafin ne ƙa'idar take aiki. Akwai wani aikin shara da ke zagayowa da kansa, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa bakwai kafin ya iso kan saƙon da wa'adinsa ya cika. Idan ya iso, sai ya ɗauke shi ya kai wata ma'ajiya mai suna SubstrateHolds, a nan ne saƙon yake ɓacewa daga idon ma'aikaci. Zai kwana aƙalla ɗaya a can, sannan zagayen shara na gaba ya hallaka shi gaba ɗaya. Microsoft da kansa ya ce ko da wa'adin kwana ɗaya aka sa, jimillar tana iya kai kwana 16.

Ka ga kenan da ta zo wajena ranar 14 ga Yuli, akwai yiwuwar saƙon yana nan a waccan ma'ajiyar, kuma mai izinin bincike zai iya zaƙulo shi. Da ta zo a watan Satumba kuwa, sai dai haƙuri. Shi ya sa idan muhimmin saƙo ya ɓace, kada ka kwana kana zargin abokan aiki. Ka rubuta wa sashen kwamfuta a ranar, ka faɗi ranar saƙon da sunan wanda kuka yi hirar da shi.

Ɗaya fuskar ita ce wadda mutane ba sa son ji. A cikin waɗannan kwanaki 180, gogewar da kai ka yi da hannunka ba ta goge komai ba. Idan ka rubuta baƙar magana ga abokin aiki ranar 1 ga Maris, bayan minti biyu ka yi nadama ka share, ta bar fuskar manhaja, amma kwafinta yana ajiye har wa'adin ya cika. Idan gyara ka yi, kalaman farko ma ana adana su daban. Wato ƙa'ida guda ce take hana ka samun abin da kake nema, take kuma hana ka kawar da abin da kake gudu. Idan kuma ƙa'idoji biyu suka yi karo, ɗaya ta ce a goge ɗaya ta ce a riƙe, ta riƙewa ce ke rinjaye, kuma wa'adi mafi tsawo ake bi. Haka nan idan ana shari'a lauyoyin ma'aikata suka sa a daskarar da akwatin wani, saƙonninsa za su iya ci gaba da ɓacewa daga idonsa yadda aka saba, amma ba za a hallaka ko ɗaya ba sai an janye umarnin.

Akwai wani abu da ya taɓa ɗaure min kai kafin in gane shi. Mutum zai zo ya ce sashensu ba shi da wa'adin gogewa, amma hirarsa da wani ta yi giɓi. Dalili shi ne idan ƙa'idar ɗaya daga cikin masu hirar ta goge saƙo, yana ɓacewa daga fuskar Teams ga kowa da ke cikin hirar, ko da ɗayan yana da wa'adi mafi tsawo, ko ma ɗan wata ma'aikata ne daban. Kwafinsa na ɓoye yana nan a akwatinsa, amma da ido ba zai gani ba. Sannan ranar da aka fara kunna ƙa'ida, ba daga ranar take fara ƙirga ba: duk abin da ya riga ya haura wa'adi zai tafi cikin 'yan kwanaki. Wannan ne ke sa ma'aikata su wayi gari hirar shekara uku ta zama ta wata shida. A ganina ma'aikatar da ta yi haka ba tare da sanarwar makonni ba ta yi ganganci, ko da doka ba ta kama ta ba.

Fayil kuwa hanyarsa daban. Takardar da aka tura a hirar mutum biyu tana zaune ne a OneDrive, wato ma'ajiyar fayil ta wanda ya tura, wadda aka sa a zauren ƙungiya kuma tana SharePoint, ma'ajiyar fayil ta ƙungiyar, kuma ƙa'idar saƙonnin Teams ba ta taɓa su. Sau da yawa saƙo ya tafi amma takardar tana nan. Akasin haka ma yana faruwa: saƙon yana nan, ka latsa fayil ya ƙi buɗewa, domin wanda ya tura ya bar aiki an rufe ma'ajiyarsa.

To me mu admin, masu kula da tsarin, muke gani? Mutane suna zaton muna zaune muna karanta hirarsu kamar jarida. Shafin gudanar da Teams na yau da kullum lissafi yake nunawa: saƙo nawa mutum ya aika, kira nawa ya yi, da wa, na minti nawa, da wace na'ura. Karanta abin da ke cikin hira yana buƙatar wani izini na musamman a eDiscovery, sashen binciken bayanai don shari'a, kuma binciken da aka yi da shi yana barin sawu a kundin ayyuka. Amma kada wannan ya kwantar maka da hankali fiye da kima. Babban admin yana iya ba kansa wannan izinin, kuma hirar rubutu a Teams ba ta da irin kullen da WhatsApp ke da shi, wanda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Hirar mutum biyu keɓaɓɓiya ce daga sauran abokan aiki, ba daga ma'aikatar kanta ba.

A Slack, wata manhajar hirar aiki irin Teams, labarin ya ɗan bambanta, kuma kuɗi ne ke magana. Tun Satumbar 2022 tsarin kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa. Sauran a ɓoye suke, idan aka biya su dawo. Daga Agustan 2024 kuma abin da ya wuce shekara guda a tsarin kyauta gogewa ake yi, biyan kuɗi ba zai dawo da shi ba. Admin yana iya sauke hirar zaurukan da ke buɗe ga kowa a kowane tsari, amma sauke saƙonnin keɓe sai an nemi amincewar Slack.

Me ya sa ma'aikata za ta goge da gangan? Doka tana ja ta ɓangare biyu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta ce kada a riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗauki wannan ƙa'idar. Ba su yanke adadin kwanaki ba. Ma'aikata ce za ta yanke ta kuma iya kare dalilinta. A ɗaya ɓangaren, wasu sana'o'i wajibi ne su adana. Dillalan hannun jari a Amurka sai sun riƙe saƙonnin kasuwanci na aƙalla shekara uku, kuma a Satumbar 2022 SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar, ta ci kamfanoni 16 tarar da ta haura dala biliyan 1.1 saboda ma'aikatansu suna hirar aiki a wayoyinsu, inda ba a adanawa. A Maris na 2023 kuma wani alƙalin tarayya a Kalifoniya, James Donato, ya samu Google da laifin barin hirar ma'aikatansa tana gogewa bayan awa 24 alhali ana cikin shari'a.

Game da karanta saƙon ma'aikaci, hukuncin da aka fi ambata shi ne na Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam a 2017, a ƙarar Bărbulescu da ƙasar Romaniya. An kori mutumin ne bayan ma'aikatarsa ta karanta hirarsa ta Yahoo Messenger. Kotun ba ta haramta sa ido ba, amma ta ce sai an sanar da ma'aikaci tun kafin a fara, an faɗi iyakarsa, kuma akwai dalili mai ƙarfi. Hukuncin bai ɗaure kotunan Nijeriya ba, sai dai tambayar da ya koyar tana da amfani ko'ina: ka nemi a nuna maka rubutacciyar ƙa'idar, kwana nawa ne, ta shafi hirar keɓe ko zauruka kawai, kuma wa ke da izinin bincike.

Ita dai ma'aikaciyar nan ta yi sa'a ta wata hanya. Saƙon ya riga ya tafi, amma takardar neman biyan da ogan ya haɗa da shi tana nan a OneDrive ɗinsa, da ranar da ya raba mata ita. Tun daga lokacin, duk izinin biyan kuɗi da ya turo mata a hira, sai ta amsa: "To ranka ya daɗe, a turo min ta imel."