Karanta hoton rasit

Karanta hoton rasit shi ne a ɗauko abin da ke cikin hoton rasit ɗin shago a mai da shi rubutu zalla, kowane kaya a layinsa, tare da adadinsa da farashinsa, jimilla kuma a ƙarshe. Mutum na iya kwafewa da hannu, ko a bar wa manhajar gane haruffa da ake kira OCR. Ko ta wace hanya aka bi, ana gane ingancin aikin ne idan lissafin layukan ya yi daidai da jimillar da ke kan takardar.

Takardar da hoton

Galibin rasit na manyan kantuna ana buga su ne a kan takarda mai faɗin milimita 58 ko 80, kuma babu tawada a na'urar: zafi ne ke baƙanta sinadarin da aka shafa wa takardar. Shi ya sa rubutun ke dusashewa idan ya sha rana ko maiƙo ya taɓa shi, takardar kuma ta yi duhu idan an bar ta a mota da tsakar rana. Gara a ɗauki hoton tun ranar sayayya.

Ana shimfiɗa rasit ɗin a kan abu mai duhu, a riƙe waya daidai samansa, a kashe filasha saboda takardar tana da sheƙi. Karkacewa ta fi komai ɓata aiki. Sunan kaya yana can hagu, kuɗinsa yana can dama, tsakaninsu fili ne, don haka hoto na ɗan karkacewa sai farashin omo ya koma layin sabulu.

Karantawa da manhaja

Daga cikin manhajojin kyauta da aka fi sani akwai Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ƙirƙira, aka sake ta ga kowa a 2005. Ana ba ta umarni kamar haka:

```
tesseract rasit.jpg stdout --psm 6
```

Zaɓin `--psm 6` yana sa ta ɗauki rubutun a matsayin dunƙule guda, kada ta raba sunaye da farashi gida biyu. Abin da take fitarwa ɗanye ne. Tana rikita 0 da O, 1 da l, 5 da S, alamar ₦ kuma takan fito a matsayin N ko wani harafi dabam. Waƙafi ma yakan ɓace ko ya zama ɗigo, 1,850 ya koma 1.850.

Misali

A ce an sayi kaya uku a wani kanti. Bayan an zubar da sunan shago, lambar waya da gaisuwar ƙasan takarda, ga abin da ake so ya rage:

```
Sabulun wanka, 3 x 700 = 2,100
Omo 1kg, 2 x 1,850 = 3,700
Batir AA, 4 x 550 = 2,200
Kafin haraji = 8,000
VAT 7.5% = 600
Jimilla = 8,600
```

A karatun farko layi na biyu ya fito da 1,350, domin gefen hagu na 8 ya goge har ya yi kama da 3. Ido ba zai ga laifi ba, farashin ya yi kama da na gaske. Ninkawa ce ke tona shi: 1,350 sau biyu 2,700 ne, alhali ƙarshen layin ya ce 3,700. Sai a tambaya, wanne ne kuskuren, farashin ko kuɗin layin? Idan aka haɗa 2,100 da 3,700 da 2,200 ana samun 8,000, wanda ya dace da layin SUBTOTAL, wato jimillar kafin haraji, ke nan 3,700 ɗin ne daidai, farashin guda kuwa 1,850. Idan adadi da farashin guda duka sun goge a layi ɗaya, lissafi ba zai iya dawo da su ba. A nan ana rubuta "ba ya karantuwa", ba a cike da zato.

A lura kuma 1 ɗin da ke cikin "1kg" nauyin leda ne, yana cikin sunan kaya, adadin da aka saya 2 ne.

Gane jimilla

Lamba mafi girma a rasit sau da yawa ba ita ce jimilla ba. A misalin nan mai saye ya miƙa naira 10,000, don haka layin CASH ya nuna 10,000, CHANGE ya nuna canjin 1,400, TOTAL kuma 8,600. Haraji ma yana buƙatar kula. A Najeriya VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari daga Fabrairun 2020, amma kayan abinci na masarufi ba a ɗora musu shi, wasu kantunan kuma suna cusa shi cikin farashi. Ƙara shi a irin wannan rasit ƙirga shi sau biyu ne. A Nijar harajin TVA kashi 19 ne, kuma akan raba dubbai da fili ko ɗigo, saboda haka 1.850 a rasit ɗin Maraɗi sefa dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin ne.

Takardar da na'urar POS ke fitarwa bayan biya da kati shaidar biya ce kawai. Tana nuna kuɗin da aka cire da lokacin, ba ta ɗauke da jerin kaya.