Bizar ziyara ta Amurka: wa'adin biza daban, izinin zama daban

An daɗe ana cewa wanda ya samu bizar Amurka mai wa'adin shekara biyu, to zai iya zama can har shekara biyun. Ba haka abin yake ba. Wa'adin da ke jikin biza yana nuna lokacin da za ka iya isa filin jirgin ƙasar ka nemi shiga ne kawai. Tsawon zamanka kuwa jami'in shige da fice ne ke yanke shi ranar da ka sauka, galibi bai wuce wata 6 ba, kuma ranar ƙarshe tana cikin takardar I-94, wadda ake dubawa a intanet. Wanda ya zarce wannan rana, bizarsa ta mutu ko da wa'adinta bai cika ba.

Akwai kuma batun aji. B-2 ta ziyarar dangi ce, da yawon buɗe ido, da neman magani. B-1 ta halartar taro ce, da tattauna kwangila da abokan ciniki. Sau da yawa ana haɗa su a biza guda, B-1/B-2, amma babu wadda ta halatta aikin albashi a can.

Ɗan kasuwar Kano da zai je baje koli a Houston yana iya duba injina, ya yi ciniki, ya sa hannu a kwangila. Amma in ɗan'uwansa ya ce ya tsaya masa a shago na wata biyu yana biyansa, ya karya sharaɗin biza. Ni dai shawarata, wasiƙar gayyata da abin da za ka faɗa a intabiyu su zo ɗaya. Saɓani tsakaninsu na iya jawo a hana ka.