Istenshin (wayar ƙarin soket)

Istenshin waya ce mai laushi da ke ɗauke da fulogi a baki ɗaya, da soket ɗaya ko jerin soket a ɗaya bakin. Ana amfani da ita don kai wuta inda soket ɗin bango bai kai ba, ko don jona na'urori da yawa a wuri guda. A Najeriya da Nijar an fi ganinta a ɗakunan kwana, ofisoshi da rumfunan masu cajin waya. Istenshin yana ƙara yawan ramuka ne kawai, ba ya ƙara ƙarfin wuta: duk abin da aka jona ta fulogi ɗaya da waya ɗaya yake sha.

Tarihi

A farkon zuwan lantarki gidaje, fitila kaɗai aka yi wa tanadi, saboda haka mutane kan jona dutsen guga da makamantansa a mazaunin ƙwan fitila. A 1904 Ba'amurke Harvey Hubbell ya yi rajistar fulogin da ake iya zarewa, soket ɗin bango kuma ya yi ta yaɗuwa a hankali.

Fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da shi a Najeriya da Gana gadon Birtaniya ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin ƙasar ta kafa kwamiti kan yadda za a sa wa gidajen bayan yaƙi wuta, kuma injiniyar lantarki Caroline Haslett ce mace ɗaya tilo a cikinsa. Tagulla ta yi ƙaranci, sai aka zaɓi tsarin da waya ɗaya za ta zagaya gida ta ciyar da soket masu yawa a ƙarƙashin babban fis na amfiya 30, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Da yake wannan fis ya yi girma ga siririyar wayar na'ura, sai aka sa ƙaramin fis a cikin kowane fulogi. Wannan shi ne ma'aunin BS 1363 na 1947, wanda ya zo kuma da murfin da ke toshe ramukan soket saboda yara. Kafinsa ana amfani da fulogi mai zagayayyun ƙafafu, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin gine-gine. Nijar da Cadi kuwa sun fi bin tsarin Faransa mai zagayayyun ƙafafu biyu, wanda ba shi da fis a fulogi.

Jerin soket a allo guda ya zo daga baya. Ana yawan danganta shi da kamfanin Kambrook na Ostireliya a wajajen 1972, ko da yake akwai masu cewa an yi irinsa a Amurka kafin nan.

Iyakar nauyi

Lissafin shi ne a ninka bolt da amfiya a sami wat. Wutar Najeriya bolt 230 ce, fulogi kuma iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000 ga istenshin gaba ɗayansa, ba ga kowane rami ba. Amma wannan sai in wayar ta kai. Tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.25 tana ɗaukar amfiya 13, mai 1.0 tana ɗaukar 10, mai 0.75 kuwa 6 kacal, wato wat 1,380. Ana buga kaurin a jikin robar waya mai kyau.

Caja ba ta da ci. Ta wayar hannu kan bayar da wat 5 zuwa 25, ta kwamfutar cinya 45 zuwa 90. A ɗauki mai caji da ya jona caja ashirin, kowace tana bayar da wat 20. Jimla wat 400 ke nan. In aka ƙara abin da cajojin ke asara a matsayin zafi, za a kai wajen 470. A takarda amfiya 2 ne. Sai dai ƙananan caja ba sa jan wuta sumul, fizga suke yi, don haka abin da waya ke ɗauka yakan kai amfiya 3 zuwa 4. Ko waya mai 0.75 za ta ɗauki wannan ba tare da ta yi zafi ba.

Yanzu a ce ya jona butar lantarki mai wat 2,000 a ramin da ya rage. Ita kaɗai tana jan kusan amfiya 9, jimla ta kusa 12. Istenshin na ƙwarai yana dab da iyakarsa, mai siririyar waya kuwa an ɗora masa ninkin abin da zai iya. In fis ɗin fulogin na amfiya 13 ne, ba zai ƙone ba, domin a wurinsa babu laifi. Wayar ce za ta yi ta dahuwa. Saboda haka ake raba duk abin da ke zafafa wani abu, kamar hita, dutsen guga da rishon lantarki, da istenshin ɗin caji.

Dalilin narkewar fulogi

Yawancin fulogin da ke narkewa a wurin caji ba yawan caja ne ke narkar da su ba, sakin jiki ne a mahaɗa. Inda ƙafar fulogi ba ta kamu da ƙarfen soket sosai ba, wuta na matsuwa ta ƙaramin wuri, zafi ya taru a nan. Zafin kuma yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da amfiya ta ninka sau biyu. Mahaɗar da turjiyarta, wato tirjewar da take yi wa wuta, ta kai om 0.1 tana fitar da wat 0.4 a amfiya 2, amma a amfiya 10 wat 10 take fitarwa, a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Zafin yana kashe ƙarfin matsewar ƙarfen, ƙarfen ya yi baƙi, turjiya ta ƙaru, abin ya yi ta ci gaba har roba ta narke.

Soket mai karɓar kowane irin fulogi ya fi faɗawa wannan matsala, domin raminsa mai faɗi ne, ba ya riƙe ko wanne da kyau. Haka cusa caja mai ƙafa biyu a soket mai ƙafa uku, ta hanyar danna murfin da tsinke ko makulli, yana buɗa ƙarfen ciki. Nauyin caja a kan adafta shi ma yana janye ƙafafun.

Akwai kuma waya ta jabu: alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Turjiyarta ta fi ta tagulla da fiye da rabi, kuma tana saurin karyewa a ƙarƙashin kusar fulogi. Ana gane ta in an kankare zaren da wuƙa, sai ciki ya fito fari. Naɗe fis da zaren waya bayan ya ƙone, wanda wasu ke yi, yana kawar da kariyar baki ɗaya.

Alamun haɗari su ne fulogin da ba ya taɓuwa don zafi, tabo ruwan ƙasa a bakin rami, ƙauri ko wani irin ƙarni kamar na kifi, ƙarar tartsatsi, da caja mai kamawa tana saki in an taɓa ta. Ɗan tartsatsi sau ɗaya a lokacin jona caja ba lallai ne ya zama matsala ba. Ramin da ya riga ya yi tabo ba ya gyaruwa. Ana sauya istenshin ɗin.

Naɗi da jeri

Wayar da ke naɗe a kan abin naɗinta ba ta samun iska, shi ya sa masu ƙera ta ke rubuta iyaka biyu, ta naɗe takan kasance kusan kashi ɗaya cikin uku na ta warware. Haka wayar da aka bi da ita ƙarƙashin katifa ko kafet. Jona istenshin a bayan istenshin yana ɗora nauyin duka a kan fulogin farko.

Kariya daga hauhawar wuta

Wasu istenshin suna da ɗan abin da ke tsotse tsallen wuta na ɗan lokaci. Ba ya hana ɗora nauyi fiye da kima, kuma ba ya gyara wutar da ta daɗe tana sama ko ƙasa, aikin sitabilaiza ke nan. Ana saɓani kan amfaninsa a gidajen da ba a ja musu wayar ƙasa ba.