Takardar ƙa'idar tsabtace kayan aiki a ƙaramin asibiti: yadda ake jera ta

A ƙaramin asibitin da nake aiki, can ƙauye bayan Garwa, mu huɗu ne muke taɓa pupinel ɗin nan, tanda mai busasshen zafi da muke gasa almakashi da hantsaki a ciki, kuma da can kowa da lissafinsa, wannan ya ce minti 30, wancan ya ce ai in buwat, akwatin ƙarfen da ake jera kayan a ciki, ta yi zafi shikenan. Wannan ne ya sa majo, shugaban ma'aikatan jinyarmu, ya ce a zauna a rubuta furotokol, wato takarda guda da kowa zai bi ko yana so ko ba ya so.

Saman takarda ba wuya: sunan aikin, sunan asibiti, lambar bugu, ranar da aka rubuta, wa ya rubuta, wa ya sa hannu, da ranar da za a sake dubawa. Kar a raina lambar bugun nan, don in aka gyara dole a cire tsohuwar daga bango, in ba haka ba sai ka tarar da takardu biyu suna faɗin abu daban. Ƙasa da shi layi biyu sun isa a faɗi kayan da ta shafa da wanda ba ta shafa ba. Misali tamu ta ce ƙarfe kawai, banda roba banda kompires, yadin audugar nan da ake sa wa ciwo, tunda busasshen zafi yana narka roba yana ƙona auduga. Sai waye ke yin me, sai jerin kayan buƙata, safar hannu mai kauri, buroshi, sabulu, agogo, rajista.

To wajen matakai ne aikin yake. Kowane mataki da lambarsa, aiki ɗaya a layi ɗaya, kuma da adadi, ba a rubuta "a gasa sosai". Wanki ne farko, a buɗe almakashi a goge mahaɗarsa da haƙoran hantsaki da buroshi a ƙarƙashin ruwa don kar ya fantsamo maka a ido, a ɗauraye, a busar sarai. Jinin da ya bushe a mahaɗa rufe ƙwayar cuta yake, zafi ba zai kai gare ta yadda ya kamata ba, shi ya sa ni in na ga baƙi-baƙi a wurin mayar da shi nake wanki ko da an ce ana sauri. Bayan nan a jera a buwat kar a cusa su kan juna, a sa a pupinel, digiri 170 awa 1, ko digiri 160 awa 2. Layin da na fi so a rubuta da manyan haruffa shi ne ana fara ƙirga lokaci daga sadda ma'aunin zafi ya kai 170, ba daga sadda ka kunna ba, kuma ba a buɗe ƙofa a tsakiya a ƙara wani abu. Masu otoklaf kuwa, tukunyar da ke aiki da tururi mai matsi, nasu daban ne, digiri 121 minti 20 in kayan a buɗe suke, minti 30 in a naɗe, to su rubuta tasu takardar daban kar a gwama.

Sashen da yawanci ake mantawa, kuma wallahi mu nan ya fi mana amfani, shi ne in abu ya lalace me za a yi. Ga misali, an sa buwat ɗin haihuwa ƙarfe 9:00, zafi ya kai 170 ƙarfe 9:35, kenan ƙarewa 10:35. Ƙarfe 10:15 wuta ta ɗauke, ta dawo 10:40 allurar ma'aunin zafi ta sauko 130. Mutum zai ce saura minti 20 ne ai, a cika. A'a, takarda ta ce a jira ya koma 170 a sake awa 1 cif daga farko, a rubuta a rajista cewa zagayen farko ya faɗi. Idan kuma mai naƙuda ta zo wuta ba ta dawo ba, takardar ta faɗi inda buwat ta ajiya take, in babu ita a tafasa kayan da aka wanke minti 20 daga sadda ruwa ya fara tafasa, tukunya a rufe ruwa ya sha kansu, amma a rubuta ƙarara cewa wannan mafita ce ta dole, tafasa ba ta kashe duk ƙwayoyin nan masu taurin ɓawo irin na tetanus.

Ƙarshen takarda rajista ce: kwanan wata, kayan da aka sa, lokacin da zafi ya kai, lokacin da aka kashe, launin tef ɗin shaida da ake manna wa buwat, sa hannu. Tef ɗin nan in ya canza launi abin da yake nunawa kawai kayan sun ga zafi, bai ce sun cika awa ba, don haka ginshiƙan lokacin nan biyu su ne shaidarka. In buwat ta huce a cikin pupinel a fito da ita a rufe, a manna mata kwanan wata da sunan wanda ya gasa, wadda ta riga shiga kabad ita ake fara ɗauka.