Kalmomin adadi a Turanci: "fewer" da "less", "many" da "much"

Turanci ya raba sunaye gida biyu: waɗanda ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar littafi da mota, da waɗanda sai dai a auna, kamar ruwa da yashi. "Many" da "fewer" na gidan farko ne, "much" da "less" kuwa na gida na biyu. Hausa ba ta yin wannan rabon, domin "da yawa" da "kaɗan" suna tafiya da mutane, suna tafiya da ruwa.

Hanyar gwaji ita ce a sa lamba a gaban sunan. Idan ta zauna, kamar "three cars", sai a ce "many cars" ko "fewer cars". Idan ta ƙi zama, sai "much" ko "less". A nan ne ake yawan yin tuntuɓe, don akwai sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa alhali Hausa tana da jam'insu. Bahaushe yana cewa shawarwari da bayanai, amma "advice" da "information" ba su da jam'i, haka ma "furniture" da "equipment". Wanda ya rubuta "He gave me many advices" ya yi kuskure biyu: ya ƙirga abin da ba a ƙirgawa, sannan ya liƙa masa "s". Gyaran shi ne "a lot of advice". In kuma lallai sai an ƙirga, a sa ma'auni: "three pieces of advice". "Much advice" daidai ne a nahawu, sai dai "much" ya fi zama a tambaya da korewa, kamar "I don't have much time".

Dokar "fewer" ba ta kai wannan tsauri ba. Kuɗi, lokaci, nisa da nauyi suna ɗaukar "less" ko da akwai lamba, saboda dunƙulallen abu ake nufi: "less than 20 minutes", "less than 5,000 naira". Mai rubuta "fewer than 5,000 naira" ya yi gyaran gangar auzinawa, kamar yana ƙirga takardun ɗaya bayan ɗaya.

Ita kanta dokar ba tsohuwa ba ce sosai. An samu "less" tare da abin ƙirge tun a rubutun da ake danganta wa Sarki Alfred, ɗaya daga cikin sarakunan Ingila na dā, wajen shekarar 888. Wani marubuci mai suna Robert Baker ne a 1770 ya ce a ganinsa "fewer" ya fi dacewa, malaman nahawu na baya suka mayar da ra'ayin doka. A 2008 kantunan Tesco na Birtaniya suka fara sauya allon wurin biyan kuɗi daga "10 items or less" zuwa "Up to 10 items" saboda ƙorafin masu bin dokar. Don haka "less people" yana wucewa a hira da saƙon waya, amma a jarrabawa ko takardar neman aiki "fewer people" ake so. Shi kuwa "much people" ba ya wucewa ko a hira.